Daga yanka salatif zuwa bayar da maki: yadda ake tsara bidiyon sharhin kaya

A watan Afrilu na 2019 kamfanin Samsung ya raba wa manyan masu sharhin waya sabuwar wayarsa mai naɗewa, Galaxy Fold, domin su gwada kafin ta shiga kasuwa. Ranar da aka buɗe kwali kowa sai yabo yake. Ba a yi kwana uku ba allon wasu daga cikin wayoyin ya fara lalacewa. Marques Brownlee, Ba'amurken nan da ya yi suna a YouTube, ya ɓare wata leda da ke kan allon bisa zaton ledar kariya ce irin wadda ake cirewa, ashe jikin allon ce. Da masu sharhin suka nuna wa duniya abin da ya faru, dole kamfanin ya ɗage fitar da wayar har zuwa watan Satumba.

Wannan labari ya raba abubuwa biyu da masu yin bidiyo suke yawan cakuɗawa. Buɗe kwali aiki ne na minti biyar, kuma abin da yake iya nunawa shi ne kama, da nauyi, da abin da aka haɗo a ciki. Sharhi kuwa sai an zauna da kaya an yi amfani da shi. Saboda haka ƙwararru suke ɗaukar hoton buɗe kwali ranar farko, tunda ba a yanka salatif sau biyu, amma ba sa rubuta abin da za su faɗa sai bayan an gama gwaji. Daga baya a ɗora murya a kan hoton. Wanda ya kunna kyamara ya hau surutu tun kwali na rufe, abin da ke bakinsa bai wuce abin da kamfanin ya buga a jikin kwalin ba, wato talla yake karantawa kyauta.

A ɗauki misali da kayan da rashin wuta ya sa ya zama na kowa, wato fawa bank. A ce wani matashi mai sharhi a Kano ya shiga kasuwar waya ta Farm Centre ya sayo guda da kuɗinsa, an rubuta 20,000mAh ɓaro-ɓaro a gaban kwalin. Takardar tsarinsa gida biyu ce: hagu abin da ido zai gani, dama abin da kunne zai ji. Ƙa'idar ita ce duk maganar da ta shiga gidan dama sai an samo mata hoton da zai tsaya mata shaida a gidan hagu. Maganar da ba ta da hoto a goge ta. Kuma da yake mutum yana furta kalma biyu ko fiye kaɗan a daƙiƙa idan yana magana a natse, bidiyon minti uku bai fi ɗaukar kalmomi ɗari huɗu ba, don haka babu filin dogon gaishe-gaishe.

Daƙiƙun farko na tambayar da mai saye yake ɗauke da ita ne: sau nawa zai cika mini waya, kuma awa nawa yake ɗauka kafin shi kansa ya cika? A nan ne kuma ake faɗin inda kayan ya fito. “Jama'a, da kuɗina na saya, ga rasit,” ko kuwa “kamfani ne ya aiko mini, amma bai ga wannan bidiyo ba kafin ku.” YouTube yana da gurbin da ake latsawa don sanar da cewa akwai tallan da aka biya a cikin bidiyo, a Amurka kuma hukumar FTC ta wajabta bayyana irin wannan alaƙa. Ko babu hukuma ma, mai kallo da ya gano daga baya cewa kyauta aka ba ka ba zai ƙara yarda da makinka ba.

Buɗe kwalin kansa ba ya son ɓata lokaci. Kyamara a sama tana kallon tebur, hannu biyu a cikin hoto, a juya kwalin a nuna hatiminsa bai taɓu ba, a yanka, a jera abin da ke ciki. Idan ba a haɗo kan caja ba, a faɗa nan take, domin ƙarin kuɗi ne a kan mai saye.

Inda aikin yake shi ne hoton kurkusa. Masu fara harkar sukan ɗauke shi ado, su yi ta zagaya kaya da kyamara ana kiɗa, alhali amfaninsa shi ne ya kai idon mai kallo inda ba zai kai ba a cikin hayaniyar kasuwa. A fawa bank, wuri na farko shi ne ƙananan rubutun da ke bayansa. A can ne za a ga 74Wh, a kusa da shi kuma galibi akwai layin da aka rubuta Rated Capacity, da lamba wajen 12,000mAh ko 13,000mAh. Wanda bai sani ba zai ce an cuce shi, amma lissafi ne. Batiran da ke ciki suna aiki a kan 3.7V, shi ya sa 20,000mAh ya zama 74Wh. Waya kuwa 5V ake tura mata a caji na yau da kullum, kuma idan aka raba 74Wh a kan 5V abin da zai fito 14,800mAh ne. A wajen ɗaga ƙarfin wutar wani kaso yana tafiya a zafi, sai a tashi da dubu goma sha biyu da ɗoriya. Ita ma wayar tana asarar nata kason yayin da take karɓa. Shi ya sa waya mai batirin 5,000mAh, wadda mai shago zai rantse za ta cika sau huɗu, kusan sau uku take cika ko da fawa bank ɗin na gaske ne. Mai sharhin da ya iya bayyana wannan a jimla uku, yatsansa na kan rubutun, ya ba mai kallo abin da zai yi amfani da shi a kowane shago.

Ɗaukar irin wannan rubutu yana da dabara. Yawancin kyamarorin waya ba sa iya tsayar da hoto idan an matso ƙasa da tazarar santimita goma, sai rubutun ya dushe. Gara a ja da baya kaɗan a zuƙo, a danna yatsa a kan rubutun a riƙe har kyamarar ta kulle a wurin. Haske ya zo daga gefe, kamar na taga, don idan ya faɗo daga sama a kan baƙar roba mai sheƙi, farin tabo kawai za a gani. Sannan a bar hoton ya tsaya aƙalla daƙiƙa uku, mutum ya samu ya karanta.

Hoton kurkusa na biyu na sikeli ne. Batiri mai siffar gwangwani da ake kira 18650 nauyinsa wajen giram 45 ne, kuma mafi kyawunsa bai wuce 3,500mAh ba sosai, ke nan sai an haɗa shida kafin a kai 20,000mAh. Batiran kaɗai sun doshi giram 270, ban da gida da na'urar ciki. Idan sikeli ya nuna giram 200, magana ta ƙare. Sai dai nauyi yana iya kama ɓarawo amma ba ya wanke mai gaskiya, don an sha fasa na jabu a tarar da ƙullin yashi a ciki.

Abin da ke yanke hukunci shi ne ƙaramar na'urar awon wuta da ake sakawa tsakanin fawa bank da waya. A cika shi taf, a yi ta jan wuta har ya mutu, a ɗauki allon na'urar kurkusa ana ganin lambar. A ce a misalinmu ya ba da 60Wh daga cikin 74Wh da aka rubuta. Wannan ya haura kashi tamanin cikin ɗari, ba laifi. Sai gwaji na biyu, wanda masu sharhi da yawa suke tsallakewa don yana cin lokaci: cika shi kansa. Idan 10W kawai yake karɓa, lissafi ya nuna ya haura awa bakwai, a aikace ma ya kan kai takwas ko tara. A unguwar da wuta ba ta wuce awa huɗu a rana, wannan ya fi komai muhimmanci.

Daga nan jerin alheri da aibi yake fitowa, kuma a nan ake gane mai gaskiya. Akwai aibin da ake faɗa don a ce an faɗa: “matsalarsa ɗaya, kala biyu kawai yake zuwa.” Wannan wayo ne. Aibi na gaske shi ne wanda zai iya hana wani saye, kuma ana faɗinsa tare da wanda zai shafa. “Yana ɗaukar awa takwas kafin ya cika. Idan kana da sola ko kana kwana da wuta, ba ruwanka. Idan jira kake a kawo wuta, rabi za ka riƙa fita da shi.” Haka ma yabo: maimakon a ce yana da ƙarfi, a ce ya cika waya mai 5,000mAh sau biyu, ya kai ta kashi tamanin a karo na uku. Ba dole ba ne alheri uku ya zo da aibi uku. Idan aibi ɗaya ne amma babba, a ba shi filinsa.

Maki shi ne abin da mai kallo yake jira, har wasu sukan ja bidiyo zuwa ƙarshe don shi kaɗai. Matsalar ita ce yawancin masu sharhi tsakanin bakwai da tara suke yawo, ko don kunyar kamfani ko don kada a daina aiko musu da kaya, har lambar ta daina nufin komai. Maganin shi ne a raba makin tun kafin a yanka salatif, a rubuta a ajiye. Ga fawa bank, misali, huɗu na yawan wutar da ya bayar, uku na saurin cika da saurin caji, biyu na ingancin jiki da bakin caji, ɗaya na farashi idan aka gwada da takwarorinsa. Wanda ya tsara ma'auninsa bayan ya gama gwaji, zuciyarsa za ta karkata ma'aunin ya dace da abin da ya riga ya ji game da kayan.

A nan kyamara take barin tebur ta dawo kan fuska, kiɗa ya tsaya, lambobin su fito ɗaya bayan ɗaya. Na misalinmu ya samu uku da rabi a yawan wuta, ɗaya a sauri, ɗaya da rabi a jiki saboda bakin caji ɗaya yana ɗan motsi, kamar yadda aka nuna kurkusa, sai ɗaya a farashi. Jimla bakwai cikin goma. Mai sharhin ya biyo da jimla guda da ke faɗin wanda ya kamata ya saya da wanda ya kamata ya nemi wani, sannan ya faɗi iyakar gwajinsa: mako ɗaya ya yi da shi, guda ɗaya kuma ya gwada. Batiri yana raguwa da yawan caji, zafin bazara kuma yana gaggauta hakan, don haka sai ya sanar cewa bayan wata uku zai maimaita awon da na'ura ɗaya da waya ɗaya, ya nuna sabuwar lambar kusa da 60Wh ɗin farko.