Ɗalibi a Ma'aikata: Wasiƙar da Za Ka Rubuta Ba Taka Ba Ce

Kowace shekara ɗalibai na cika ofisoshin gwamnati don koyon aiki. Wasu tsarin SIWES ne ya kawo su, wanda hukumar ITF ta ƙirƙiro a 1973, wasu kuma masu yi wa ƙasa hidima ne da aka tura. Yawancinsu sun iya kwamfuta fiye da tsofaffin ma'aikatan da suka tarar, don haka ba a cika yin mako biyu ba sai wani ya miƙa wa ɗalibi fayil ya ce, "Yarona, duba shafi na ƙarshe ka rubuto mana amsa." A nan ake fara samun matsala, domin abin da aka koya a makaranta shi ne yadda mutum zai rubuta wasiƙarsa. A ma'aikata kuwa, ma'aikatar ce ke magana, kai hannu kawai ta ara.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daga farko. A ce an tura ka ma'aikatar ruwa ta jiha. Ƙungiyar ci gaban wani ƙauye ta rubuto tana roƙon a gyara mata rijiyar burtsatse da ta lalace. Wasiƙar ba teburinka za ta fara zuwa ba. Ofishin rajista ne zai karɓe ta, a buga mata hatimin ranar da ta iso, a shigar da ita littafi, a sa ta cikin fayil ɗin da ya shafi batun, a ba ta lambar shafi. Mu ce ta zama shafi na 110. Daga nan fayil zai tafi wurin babban sakatare, ya yi ɗan rubutu zuwa ga darakta, darakta ya yi nasa zuwa ga na ƙasa da shi. Wannan gajeren rubutu da jami'ai ke yi wa juna a cikin fayil shi ake kira minit. A shafi na 111 darakta ya rubuta cewa babu kuɗin aikin a kasafin bana, amma a sanar da su za a duba yiwuwar sa shi a na baɗi. Sai fayil ya sauko gare ka.

Kada ka taɓa kwamfuta tukuna. Karanta wasiƙar mutanen, ka karanta kowane minit da ya biyo bayanta, sannan ka koma baya ka ga ko sun taɓa rubutowa da abin da aka amsa musu. Tsofaffin wasiƙun da ke cikin fayil sun fi kowane littafi koyarwa, domin su ne za su nuna maka salon wannan ofishin. Abin da za ka rubuta kuma daftari ne, ba wasiƙa ba. Ka buga shi a farar takarda, ba mai tambarin ma'aikata ba, ka bar fili tsakanin layuka don maigidanka ya sami wurin gyara. A ofisoshi da yawa ana maƙala daftarin a cikin bangon bayan fayil, sai ka yi gajeren minit ga wanda ya sa ka aikin cewa ga daftari nan don ya duba, ka sa hannu da kwanan wata. Sai an amince da shi ne za a buga shi a takarda mai tambari.

Yanzu ga inda nake son mu daɗe. Darakta ya ce za a duba yiwuwa. Ɗalibi mai tausayi, wanda wataƙila ƙauyensu ma ba ruwa, sai ya ga wannan amsar ta bushe da yawa, ya ɗan ƙara mata gishiri: ya rubuta cewa ma'aikata ta amince za ta gyara rijiyar baɗi. A wurinsa kalma ɗaya ya sauya. Idan aka yi rashin sa'a mai sa hannu yana sauri bai lura ba, mutanen ƙauye sun riƙe takarda mai tambarin gwamnati da ke ɗauke da alkawarin da ba wanda ya yi. Baɗi za su zo da ita, su kai wa ɗan majalisarsu, ko su karanta ta a gidan rediyo. Za a buɗe fayil, a ga minit ɗin darakta ya ce abu kaza, wasiƙa ta ce abu daban, a nemi wanda ya yi daftari. Magana zarar bunu ce, balle wadda aka buga wa hatimi. Gwajin da za ka yi wa kanka mai sauƙi ne: kowace jimla a daftarinka, za ka iya nuna shafin da ta fito? Idan akwai wadda ba ta da shafi, ra'ayinka ne ya kutsa, ka cire ta. In kuma minit ɗin bai fito maka sarai ba, ko rubutun hannun ya gagare ka karantawa, abin da ke faruwa kullum, ka tashi ka je ka tambaya. Gara a ce ka cika tambaya da a ce ka yi shaci-faɗi.

Wannan ne ma dalilin da ya sa wasiƙun gwamnati ke buɗewa da `I am directed to`, wato an umarce ni da in. Ɗalibai kan ɗauka ado ne na tsohon Turanci, har wasu su sa shi a wasiƙar neman hutunsu, abin dariya, don ba wanda ya umarce su. Ma'anarsa ita ce mai rubutun ɗan aike ne, kuma akwai umarnin a rubuce cikin fayil. Haka ƙarshen wasiƙar: jami'in da ya sa hannu zai rubuta sunansa da muƙaminsa, a ƙasa a sa `for: Permanent Secretary` ko a madadin kwamishina ko minista. Jami'in ma'aikata ne ke da hurumin yin haka. Mai koyon aiki ba shi da shi. Ko maigidanka ya bugo waya daga hanya ya ce ka sa masa hannu, ka ba shi haƙuri cikin ladabi, ka kai wa jami'in da ke biye da shi.

Sauran siffar wasiƙar ba ta da wuya. A sama akwai lambar wasiƙa, wadda ba ƙirƙirarta ake yi ba: lambar fayil ce, a ƙarshenta a ƙara shafin da kwafin wasiƙar zai zauna. A misalinmu, in kwafin zai zama shafi na 112, lambar za ta ƙare da 112. Da ita za a gano fayil ɗin ko bayan shekara goma. Sai kwanan wata, sai adireshin wanda ake rubuta wa, kuma muƙami ake rubuta wa, ba mutum ba. Wasiƙar da aka aika da sunan mutum tana iya zama a aljihun tebur idan an sauya masa wurin aiki, amma wadda aka aika wa shugaban ƙungiya ko babban sakatare duk wanda ke kan kujerar zai buɗe. Sai kan magana a layi ɗaya. Sakin layi na farko ya ambaci wasiƙarsu da ranar da suka rubuta ta, ba a sa masa lamba, na biyu ake fara sa wa 2. Batu ɗaya a wasiƙa ɗaya. In ƙauyen sun haɗa da roƙon gyaran makaranta, wannan na wata ma'aikatar ne, kuma maigidanka ne zai ce a tura musu.

Bayan an sa hannu aiki bai ƙare ba. Kwafi ɗaya zai shiga fayil a ba shi lambar shafi, asalin ya fita ta littafin aika wasiƙu, inda wanda ya karɓa zai sa hannu. Kada ka ce ai hanyarka ce, bari ka sa ta a jaka ka miƙa musu. Ranar da suka ce ba su gani ba, ba ka da shaida. Shi kansa fayil ba ya tashi daga wani ofis zuwa wani sai an rubuta fitarsa. Za ka kuma riƙa cin karo da wasu gajerun haruffa: `B.U.` da kwanan wata na nufin a dawo da fayil a wannan ranar, `K.I.V.` a ajiye batun ana tunawa da shi, `P.A.` a mayar da shi ma'ajiya an gama. Darakta zai iya sa a dawo da fayil ɗin rijiyar lokacin shirya kasafi. Da shuɗin biro ko baƙi za ka yi rubutu, ja da kore a wurare da yawa na manya ne da masu binciken kuɗi. In ka yi kuskure ka ja layi ɗaya a kai yadda za a iya karanta shi. Shafi kuwa ba a yage shi, ko da naka ne kuma ka ji kunyarsa, domin lambar da ta yi tsalle daga 111 zuwa 113 tana jawo tambayar da ta fi kuskuren muni.

Akwai kuma waya. Wani daga ƙauyen, wataƙila ɗan uwan abokinka, zai ce, "Don Allah ɗan ɗauko mana hoton abin da darakta ya rubuta." Ka san cewa Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 tana nan, kuma hukuncin fitar da bayanan da aka keɓe a matsayin sirri yana iya kaiwa ɗaurin shekara 14. Fayil ɗin rijiya ba lallai ya kai wannan matsayi ba, amma ba kai ne mai tantancewa ba, kuma ko na fili ne, minit magana ce ta cikin gida. Mai son bayani yana da ƙofarsa: Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba shi damar rubuto buƙata, hukuma kuma ta amsa cikin kwana 7. Nuna masa wannan. Haka littafin rahoton da za ka kai makaranta, ka rubuta irin aikin da ka yi, cewa ka yi daftarin amsa, ba tare da kwafe abin da ke cikin fayil ko sunayen mutane ba.

Wasiƙa ɗaya ce taka ta kanka: wadda kake neman izini, ko sauyin sashe, ko kai kuka. Ita a farar takarda za ka rubuta, da adireshinka, da sa hannunka. Ko da babban sakatare kake rubuta wa, sai ta bi ta hannun shugaban sashenka, shi ya sa a ƙarƙashin adireshi ake rubuta `Through:` da muƙaminsa, ya sa hannu ya tura gaba. Tsallake shi ba ya hanzarta komai, don abu na farko da na sama zai yi shi ne mayar masa da takardar ya ji ta bakinsa, ka ga ka ɓata kwanaki kuma ka ɓata da mutumin da zai sa hannu a littafinka. In kukan a kan shugaban sashen ne kansa, malamin da makaranta ta naɗa ya duba ku, ko jami'in hukumar hidimar ƙasa na ƙaramar hukuma, shi za ka fara samu. Kowace iri ce dai, ka buga kwafi biyu, a karɓi ɗaya, a buga maka hatimi da kwanan wata a kan ɗayan ka tafi da shi gida.