Gardamar Fim Har Asuba: Yadda Ƙaramin Musu Ke Zama Labari

Tun da BBC Hausa ta fara gasar Hikayata ta mata a shekarar 2016, gajeren labari ya samu kasuwa a tsakanin marubutan Hausa. Sai dai da yawa daga cikin masu gwada alƙalaminsu sun ɗauka cewa labari ba ya tsayuwa sai an yi saki, ko an sace wani, ko an yi jana'iza. Akwai wani nau'in labari da babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuma ya fi su wuyar rubutawa: abokai biyu a ɗaki ɗaya, sun kwana suna musun fim ɗin da za su kalla.

Ga misalin da aka tsara don a ga yadda ginin yake. Sani da Habu sun tashi a layi ɗaya a Fagge, cikin Kano. Gobe da sassafe Habu zai hau motar Legas, ya samu aiki. Bayan sallar isha'i suka kulle shagonsu, suka ɗora kwamfuta a kan bokitin fenti. Babu wuta, cajin da ya rage na awa biyu ne. Sani ya ce Sholay za a saka, fim ɗin Indiya na 1975 da suka sha kallo suna yara. Habu ya ce shi Labarina na Aminu Saira yake so, domin an bar shi a baya, kowa a majalisa na zancen abin da bai gani ba.

Tun daga nan marubuci ya ɗaure wa labarinsa agogo. Sholay ya haura awa uku, don haka ko an saka shi a minti na farko ba za a ga ƙarshensa ba. Mai karatun da ya san fim ɗin zai gane haka kafin su Sani su gane, kuma duk mintin da suka ɓata suna cacar baki batirin na raguwa. Idan babu irin wannan iyaka, musun zai yi ta tafiya ba abin da ke tura shi, mai karatu ya ajiye takardar a shafi na biyu. Daren kansa yana da alamomin da ake auna shi da su ba tare da an yi ta ambaton ƙarfe kaza ba. Mai shayin bakin layi zai tattara bencinsa, janaretan maƙwabta zai mutu, 'yan sintiri za su busa usur, daga baya ladan ya yi kiran assalatu.

Zaɓen fina-finan ma ba a yin sa da ka. Sholay, wanda Ramesh Sippy ya ba da umarni, labarin aminai biyu ne, Jai da Veeru, wato Amitabh Bachchan da Dharmendra. A cikinsa idan sun rasa matsaya sai Jai ya cilla kwabo sama, kuma sai bayan mutuwarsa Veeru ya gano cewa fuskokin kwabon iri ɗaya ne. Mutumin da amininsa zai tafi gobe, ya kuma dage sai wannan fim, ya riga ya faɗi abin da ke ransa ko da bai buɗe baki ba. Labarina kuwa shiri ne mai dogon zango, wanda ake bi kashi bayan kashi. Wanda ya zaɓe shi hankalinsa na kan abin da ke gaba. Nan ne asalin rigimar take. Sani yana so a zauna a jiya, Habu kuma ya riga ya ɗaure jakarsa.

Aikin marubuci shi ne ya hana su furta wannan. Ga yadda hirar za ta iya kasancewa wajen tsakar dare:

“Malam, sau nawa za mu kalli Gabbar yana zare ido? Na haddace shi.”

“To haddar ta hana ka ci gaba da cin tuwo ne? Shi ma ai kullum shi ne.”

“Ka dai saka nawa, idan na dawo da sallah ma kalli naka.”

“Wace sallar?”

Habu bai amsa ba, ya hau goge fuskar kwamfutar da bakin rigarsa. Wannan tambaya ta kalma biyu ta ɗauki nauyin da shafi guda na kuka ba zai ɗauka ba. Da Sani ya ce, “Abokina, zan yi kewarka,” da labarin ya mutu a nan, domin babu sauran abin da mai karatu zai tono da kansa. Kuma a gaskiya samari biyu 'yan Fagge ba sa yi wa juna magana haka. Da tsiya da gori suke nuna ƙauna.

Babbar cutar irin wannan labari ita ce maimaici. Wannan ya ce nawa, wancan ya ce nawa, a sake zagayowa. Maganinta shi ne kowane zagaye ya taɓo wani abu sabo, kuma ya fi na baya zafi. Da farko musun na fim ne zalla: tsoho ko sabo, na Indiya ko na gida. Daga nan ya koma kan su kansu. Habu ya tuna wa Sani cewa tun suna firamare shi ke zaɓa, har wurin zama a gidan kallo. Sani ya mayar masa da zancen dubu biyar da ya ranta bai biya ba. Sai can dare ya raba sannan abin da ake ɓoyewa ya leƙo: ashe a bakin mai shayi Sani ya fara jin labarin tafiyar. Marubuci na iya gwada rubutunsa ta hanyar musanya zagaye na biyu da na uku. Idan labarin bai lalace ba, to musun a tsaye yake wuri ɗaya, sai an sake shi.

Wata matsalar ita ce muryoyin su zama ɗaya. A rufe sunayen da yatsa, a karanta hirar da ƙarfi. In ba a iya bambance mai magana ba, aiki bai kammala ba. Sani mai dogon zance ne da kawo hujja, Habu kuwa gajeren baki ne, da tsaki yake gama rabin maganarsa. Haka nan a guji jero sunayen fina-finai goma don nuna sani. Biyu sun isa, na uku kuma, kamar Sangaya na Ali Nuhu da Fati Muhammad, zai iya shigowa a matsayin sulhun da dukansu suka yi watsi da shi.

Saura rufewa, inda marubuta da dama ke zamewa. Wasu sukan sa abokan su rungumi juna, wasu su ƙara sakin layi na nasiha a kan zumunci. Dukansu biyu suna raina fahimtar mai karatu. A wannan misali, Habu ne ya sauko gab da asuba, ya ce a saka Sholay ɗin. Sani ya ce a'a, a saka Labarina. Suka buɗe sabon musu, kowa na kare fim ɗin ɗan'uwansa, har kwamfutar ta ɗauke. Sani ya saɓa jakar Habu, suka fita neman adaidaita.

Labari irin wannan ba ya buƙatar fiye da kalmomi 1,000 zuwa 1,500, kuma fiye da rabinsu hira ce. Mai son gwadawa ya fara rubuta wa kansa, a takarda daban, jimlar da abokan suka kasa faɗa wa juna, sannan ya tabbatar ba ta shiga cikin labarin ba.