Aikin Wuyan Kaftani: Kafin Allura Ta Taɓa Shadda

A babbar riga, aska takwas da aljihu duk a hagu suke taruwa, kuma babu mai cewa aikin ya karkace. Kaftani ba haka yake ba. Aikin wuyansa yana bin gefe biyu na tsaga, ido kuwa yana auna dama da hagu nan take. Shi ya sa gwanin ɗinkin sarƙa yake ɓata lokaci wajen zane kafin ya zura zare.

Da fari a wanke yadin in mai shan ruwa ne, domin auduga takan tsuke a wankin farko, aikin ya tattare. Sai a ninka gaban rigar gida biyu, a goge, a bi karin da alli. Daga wannan layi ake auna komai, ba daga bakin yadi ba. Kada a yanke wuyan tukuna. Yankakken wuya yakan saki a hannu, musamman inda ya lanƙwasa.

A ce tsagar inci 12 ce, ana son jera dagi mai tsawon inci 2. Guda biyar sun ci inci 10, sai rabin inci a tsakanin kowane biyu, wuri huɗu, inci 2 ke nan. Lissafi ya cika. In bai cika ba, a rage ko a ƙara tazarar, kada a matse dagin ƙarshe. Gefe ɗaya kaɗai ake zanawa a takarda, a huda layukan da allura, a shafa garin alli ya sauka a yadi, sannan a kifa takardar a ɗaya gefen. Wanda ya zana kowane gefe da ido, komai iyawarsa, sai an ga bambanci.

Maɓalli ma yakan yaudari mutum. Idan ɓari ɗaya zai hau kan ɗaya, layin maɓallan shi ne tsakiya, don haka a bar wa wanda zai shige ƙasa filinsa.

Ita sarƙa tana da gaba da baya: kowane ɗinki madauki ne mai faɗin kai da siririyar wutsiya. In aka gangaro ta dama aka haura ta hagu, madaukan za su kalli wuri daban-daban, zare mai sheƙi kuma zai nuna launi biyu a rana. Gara a fara duka biyun daga gindin tsaga a yi sama, ana yin dagi ɗaya nan, ɗaya can, don jan hannu ya zo daidai. A kan lanƙwasa a gajarta ɗinkin, in ba haka ba da'ira ta yi kusurwa. Da an ga yadi ya fara tattarewa kusa da layi, an cika jan zare ne, guga kuma ba ta gyara wannan.

Ƙarshen kowane layi a ɗaure madaukin da ɗan ɗinki a kansa, a soka zaren baya. Sarƙar da ba a kulle ba, jan zare ɗaya ya isa ya warware ta.