Yadda ake biyan albashin ma'aikata da yawa ta waya a lokaci guda

A ce mai makarantar kuɗi a Kano yana da ma'aikata 40, kuma yawancinsu asusun waya suke da shi, irin OPay, PalmPay ko MoMo. Maimakon akanta ya yini yana tura kuɗi ɗaya bayan ɗaya, sai ya shirya takardar lissafi guda a kwamfuta, wadda ake adanawa a tsarin CSV. Kowane layi mutum ɗaya ne: lambar asusu, kamfanin da ke riƙe da asusun, adadin kuɗi da dalilin biya.

```
account_number,bank,amount,narration
80XXXXXXXX,OPay,85000,Albashin Yuni
```

Kowane banki da irin jadawalinsa, don haka nasu ake saukewa a cike. Abu biyu ne suka fi ɓata aikin nan. A OPay da PalmPay, lambar asusu galibi lambar waya ce ba tare da sifilin farko ba, wato alƙaluma 10. Sannan ba a sa waƙafi a cikin kuɗi, domin waƙafi ne ke raba gurabe: wanda ya rubuta 85,000 ya tsaga adadin gida biyu.

Da akanta ya ɗora takardar a shafin banki, na'ura za ta bi layukan, ta nemo sunan mai kowane asusu. Nan ne wurin natsuwa. Layin waya da aka daɗe ba a amfani da shi kamfani kan sayar wa wani, kuma kuskuren alƙalami ɗaya ya isa ya kai haƙƙin malami hannun baƙo. Shi ya sa mai ɗorawa daban, mai amincewa daban. Shugaban makaranta zai duba ko mutum 40 ne, ko jimillar ta yi daidai da naira 3,200,000 da ke littafin albashi, kafin ya sa lambar sirrinsa.

Bayan haka rahoto zai fito, a ce 37 sun shiga, biyu sun dawo, ɗaya yana rataye. Abin da ya fi jawo dawowar kuɗi shi ne matakin asusu. A ƙa'idar Babban Bankin Najeriya, asusun matakin farko ba ya riƙe fiye da naira 300,000, kuma hada-hadarsa a rana ba ta wuce 50,000, alhali mafi ƙarancin albashi tun 2024 naira 70,000 ne. Maganinsa ma'aikaci ya ɗaga matakin asusunsa da BVN da NIN kafin wata ya ƙare.

Kada akanta ya kuskura ya sake ɗora takardar gaba ɗayanta, don mutum 37 za su samu albashi sau biyu, kuma karɓo shi sai an sha wuya. Ya yi sabuwa mai ɗauke da mutum biyun nan kaɗai. Wanda nasa ke rataye kuwa, a jira banki ya tabbatar kuɗin sun shiga ko sun dawo, sannan a sake tura masa idan da buƙata.