Filin Gida, Gajiya da Doguwar Tafiya: Yadda Ake Yanka wa Wasa Farashi

Ranar 21 ga Janairun 2021, Burnley ta shiga filin Anfield ta ci Liverpool 1-0. Kafin wannan dare Liverpool ta buga wasa 68 na gasar Firimiya a gidanta ba a doke ta ba. Daga ranar kuma ta sha kashi sau shida a jere a filin nata, kujeru babu kowa saboda annobar korona. A kakar 2020/21 baƙi suka ci wasa 153 a gasar, masu gida suka ci 144, abin da bai taɓa faruwa ba a babbar gasar Ingila. Masu lissafin da ke yanka wa wasanni farashi a kamfanonin caca sai da suka koma kan alƙalumansu, domin lambar da suka daɗe suna dogara da ita ta zame musu.

Farashin wasa hasashe ne da aka mayar lamba. Idan aka rubuta 2.00 a gaban ƙungiya, ana nufin damar nasararta kusan rabi ce. Mai lissafi yakan fara da auna ƙarfin ƙungiyoyin biyu kamar za su haɗu a filin da ba na kowa ba, sannan ya yi gyara a kai: wa ke gida, wa ya gaji, wa ya yi tafiya, wa ya huta.

Gyaran gida shi ne babba. A manyan gasannin Turai, a shekarun da ake shiga kallo, mai gida kan ci kusan kashi 45 cikin ɗari na wasanni, baƙo kusan kashi 30, sauran kuma canjaras. In an mayar da wannan ƙwallaye, bai kai rabin ƙwallo a kowane wasa ba. Dalilansa sun haɗa da sanin fili, kwana a gadon da mutum ya saba, da kuma ihun 'yan kallo, wanda kan yi tasiri har a kan alƙalin wasa. Lokacin korona ya nuna haka, domin da aka rufe ƙofofi sai ratar katin gargaɗi tsakanin baƙi da masu gida ta ragu a gasanni da dama.

Amma ba lamba ɗaya ake amfani da ita ko'ina ba. A gasar Najeriya cin wasa a waje abu ne mai wuya ƙwarai. Kano Pillars ta yi kimanin shekara goma sha biyu ba a ci ta a gida ba a gasar, sai a 2015 da Nasarawa United ta karya lagon. Doguwar tafiya a mota da bambancin filaye suna sa darajar gida a nan ta fi ta Ingila nesa ba kusa ba. Akwai kuma gidan da ƙasar kanta ke taya shi faɗa. Birnin La Paz na Bolibiya yana kan tudu mai tsayin mita 3,600 ko kusa da haka, inda numfashi ke yi wa baƙo wuya. A can ne Bolibiya ta lallasa Ajantina 6-1 a 2009, Maradona na koci, Messi na cikin fili.

Cunkoson wasanni ya fi wuyar aunawa. Ƙungiyar da ta buga gasar Yuropa ranar Alhamis da dare a wata ƙasa, ta dawo ta buga wasan lig ranar Lahadi, kwana biyu cikakku kawai ta samu, alhali abokiyar karawarta ta huta mako guda. Sai dai gajiyar ba kasafai take bayyana a matsayin sanyin ƙafa ba. Takan bayyana ne a jerin sunayen da koci ya fitar, da kuma raunin tsoka da ke ƙaruwa. Babbar ƙungiya mai 'yan benci nagari ba ta jin jiki kamar ƙaramar da ke da zaratan 'yan wasa goma sha uku kacal. Misali mafi tsanani ya faru a Disambar 2019, lokacin da aka sa wa Liverpool wasa biyu a nahiya biyu cikin kwana biyu. Manyan suka tafi Doha don karawa da Monterrey ranar 18, yara matasa suka tari Aston Villa ranar 17, aka ci su 5-0. Wanda ya yanka farashin wannan wasa da sunan Liverpool kawai, bai duba su wa za su buga ba, ya yi aikin banza.

A ƙwallon kwando na NBA lissafin ya fi fitowa fili, domin da maki ake yin sa. Kowace ƙungiya na buga wasa 82, wani lokaci dare biyu a jere a birane daban-daban, a ƙasar da agogon gabas ya riga na yamma da awa uku. An daɗe ana ƙiyasta gida da kusan maki uku, ko da yake ya ɗan ragu a shekarun baya-bayan nan.

Ga misali da lambobin kwatance. A ce wata ƙungiya ta fi Denver ƙarfi da maki huɗu a filin da ba na kowa ba, amma a Denver za a buga. Mai lissafi zai cire maki biyu da rabi na gida, saura ɗaya da rabi. Baƙin sun yi wasa jiya da dare, sun sauka daga jirgi da tsakar dare, masu gida kuwa sun huta kwana biyu, don haka zai sake cire maki ɗaya da rabi. Ƙungiyar da ta fi ƙarfi ta koma kunnen doki da mai masaukinta. Birnin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,600, to a ƙara wani abu saboda wannan?

A nan ne kuskure ya fi yawa. Idan darajar gidan da aka yi amfani da ita daga tarihin wasannin Denver aka ciro ta, tudun yana ciki tuni, haka ma wani ɓangare na gajiyar baƙi, tunda baƙo ne ya fi yawan zuwa a gajiye. Ƙara su kuma ƙirga abu ɗaya ne sau biyu. Haka idan aka sanar cewa tauraron baƙin zai huta: ana cire darajarsa, amma sai a rage gyaran gajiya, domin hutar da shi yana daga cikin abin da wannan gyara ke hasashe. Ana gane an yi irin wannan kuskure idan, bayan wasanni masu yawa, ƙungiyoyin da aka ce sun gaji suna yawan yin abin da ya fi wanda aka yi musu hasashe. Wasa goma ba sa isa hujja, sai ɗaruruwa.

Jadawalin wasanni kuwa ba sirri ba ne, tun kafin a fara kaka ake fitar da shi. Duk abin da mai kallo ya lura da shi game da tafiya ko hutu, kamfani ya riga ya sa shi cikin farashi, sannan ya ɗora ribarsa. A wasan da aka ɗauka kunnen doki ne, ba 2.00 ake rubuta wa kowane ɓangare ba, 1.91 ake rubutawa. In mutum biyu suka zuba ɗari-ɗari, ɗaya a kowane ɓangare, kamfani ya karɓi 200, ya biya wanda ya ci 191, tara ta zauna a aljihunsa ko wa ya yi nasara. A irin wannan farashi, sai hasashen mutum ya yi daidai fiye da sau 52 cikin ɗari kafin uwar kuɗinsa ma ta dawo.