Wasiƙar Farko Daga Kamfanin Inshora: Yaushe Ake Fara Ƙirga Kwanaki?

Mai motar da ya yi hatsari ya sanar da kamfanin inshorarsa, abu na farko da zai iso hannunsa wasiƙa ce, ba kuɗi ba. Sashen biyan diyya ne ke aiko ta don tabbatar da cewa buƙatarsa ta shiga. Yawanci shafi ɗaya ce, an riga an tsara ta, suna da kwanan wata kawai ake sauyawa. Shi ya sa mutane da yawa ke ninke ta su jefa a aljihu, alhali a cikinta lissafin yake.

Jihar Kalifoniya ta Amurka misali ce mai kyau, domin dokarta ta ƙayyade kwanaki. Kamfani na da kwana 15 ya amsa cewa ya sami sanarwa, ya aiko da fom da bayanin yadda za a cike shi, ya kuma fara bincike. Yana da kwana 40 ya amince ko ya ƙi, sannan kwana 30 ya biya abin da ya amince da shi.

Sai dai kwana 40 ɗin ba daga ranar hatsari suke farawa ba, daga ranar da kamfani ya karɓi shaidar asara ne. A ce direba ya ba da sanarwa ranar 1 ga Maris, wasiƙa ta zo kafin 16 ga wata tana neman hotunan motar da ƙiyasin kuɗin gyara daga makanike. Ya yi ta jan ƙafa, bai miƙa shaidar ba sai 10 ga Afrilu. To, wa'adin yanke hukunci ya koma 20 ga Mayu, biya kuma na iya kaiwa 19 ga Yuni. Shi yana ganin an yi masa rashin adalci, kamfani kuwa bai karya doka ba. In ma bincike bai ƙare ba, kamfanin na iya neman ƙarin lokaci, amma dole ya rubuto dalili duk bayan kwana 30.

Wasiƙa mai kyau takan faɗi wannan ƙarara. Wadda ta ce "za mu tuntuɓe ka nan ba da jimawa ba" ba ta ɗaure kowa ba.

Haka batun sunan jami'i. Idan an rubuta sunan mai riƙe da fayil, da lambar wayarsa da lambar fayil ɗin, mai buƙata ba zai riƙa maimaita labarinsa ga sabuwar murya kullum ba. Sai jerin matakai: wa zai zo duba motar, yaushe, kuma kada a taɓa gyara kafin ya zo, don gyaran gaggawa kan shafe shaidar ɓarnar. Ƙwararrun sassa kan ƙara sunan wanda za a nema idan jami'in ya tafi hutu, da inda za a kai ƙorafi idan wa'adi ya wuce shiru.