Adaftar iyafis ta daina aiki: laifin adafta ne ko na waya?

Tun da kamfanonin waya suka fara cire ramin iyafis daga manyan wayoyinsu, Apple da iPhone 7 a 2016, Samsung da Galaxy Note 10 a 2019, masu manyan wayoyi suka koma dogara da 'yar guntuwar adaftar nan da ake sawa a wurin caji. Ita ce kuma ta haifar da gardamar da ake yawan ji a teburin masu gyara. Adafta ta yi shiru, mai waya ya ce jabu aka sayar masa tunda wayarsa tana caji lafiya lau. Mai gyara ya ce wurin caji ne ya lalace, a kawo kuɗi a canza. Sau da yawa babu wanda ya gwada komai a cikinsu.

Maganar da ta fi damuna ita ce ta "ai tana caji". Caji ba shaida ba ce cewa ramin yana da lafiya. A cikin ramin USB-C akwai 'yan ƙananan haƙora 24, kuma ba aiki ɗaya suke yi ba. Wasu na wuta ne, wasu na gane abin da aka soka, wasu na kai saƙo. Cajin waya yana bi ta haƙoran wuta, sauti kuwa ta na saƙo yake bi. Waɗannan za su iya lanƙwashewa ko su yi tsatsa, na wuta suna nan garau. Bayan haka, a lokacin caji waya karɓar wuta take yi, amma idan aka soka adafta mai ƙwaƙwalwa, ita wayar ce za ta ciyar da adaftar da wuta. Karɓa daban, bayarwa daban, kuma ɗaya na iya mutuwa ya bar ɗaya.

Na ce adafta mai ƙwaƙwalwa, domin iri biyu ne a kasuwa, kuma ido ba ya bambanta su. Abin da ke cikin waya lambobi ne, iyafis kuwa ba ya jin lambobi. Dole a sami tafinta a tsakani. A wata adaftar, tafintan yana zaune a cikin kanta, wani ɗan ƙaramin abu da ake rubuta sunansa DAC a jikin kwali. Wata kuwa babu kowa a cikinta, zaren tagulla ne kawai, tana jiran waya ta yi fassarar ta miƙo mata. Idan aka haɗa wayar da ba ta fassara ta wannan ramin da adaftar da ba ta da tafinta, shiru za a ji, alhali kowaccensu lafiyarta ƙalau. Manyan wayoyin Samsung marasa ramin iyafis, da Pixel, da iPhone 15 zuwa sama, duk mai DAC suke bukata. Wasu wayoyin Xiaomi, Huawei da Motorola suna karɓar marar DAC. Shi ya sa adafta za ta yi aiki a wayar mai shago, ka kai gida ta ƙi. Da masu sayarwa suna tambayar sunan waya kafin su miƙa kaya, da rabin rigimar nan ba ta taso ba.

To amma wadda ta yi watanni tana aiki sannan ta tsaya fa? Mu ɗauki misalin mai Galaxy S21 da adaftar da yake jin karatu da ita kullum, yau ya soka sai sauti ya ci gaba da fita ta sifika.

Iyafis ɗin zai fara cirewa daga zargi: ya soka shi a rediyo ko wata waya mai rami. Idan ya yi magana, saura biyu. Ya kashe Bluetooth, ya cire rigar wayar domin mai kauri tana hana adafta shiga sosai, ya kashe wayar ya kunna. Ya kuma haɗa iyafis da adafta tukuna kafin ya soka a waya, domin wasu adaftocin ba sa farkawa sai sun ji iyafis a jikinsu.

Daga nan sai musaya, wadda ita ce ainihin gwajin. A kai adaftar wata waya, a kuma kawo wata adafta mai DAC da aka tabbatar tana aiki a sa a wayarsa. Dole a yi duka biyun. Idan tasa ta ƙi a wayar wani, ta aro kuma ta yi aiki a tasa, adafta ta mutu, magana ta ƙare. Idan tasa ta yi a wayar wani, ta aro ta ƙi a tasa, matsalar tana wayar. Sai dai a kula wayar gwajin ta zama mai karɓar irin adaftar, in ba haka ba za a yanke wa mai rai hukuncin mutuwa.

Akwai alamun da ke nuna hanya tun kafin musaya. Adafta ba ta cika mutuwa farat ɗaya ba. Takan fara da kunne ɗaya, ko ƙarar ƙas-ƙas, ko yankewa idan aka lanƙwasa igiyar daidai wuyanta, inda zaren yake karyewa saboda zaman aljihu. Riƙe kan da ke cikin waya kada ya motsa, ka lanƙwasa igiyar kaɗai. Idan sauti ya yanke, igiya ce. Idan kuwa sai an girgiza kan a cikin ramin yake yankewa, ko kebul ɗin caji ma ya fara zamewa, ramin ake zargi. Haka kuma idan kowace adafta tana aiki ta fuska ɗaya, a juya ta ta ƙi, haƙoran ɓangare ɗaya na ramin ne suka sami matsala.

Ko da zargi ya faɗa kan waya, ba a kai ga buɗe ta ba. A haska ramin da tocila. Zaren aljihu da ƙurar hunturu suna dunƙulewa a ƙasansa, caja tana ƙara danne su kullum, har kan adafta ya kasa kaiwa ƙarshe. A kashe waya, a sa siririn tsinken sakace na itace a zaƙulo a hankali ta gefe, ba tare da an tura harshen da ke tsakiya ba. Allura da fil ba su da wuri a nan, domin ƙarfe yana karce haƙoran. Sai a duba saituna. A wayoyin Oppo, Realme da OnePlus da yawa akwai makunnin `OTG` da ke kashe kansa bayan minti 10 idan ba a yi amfani da shi ba. Wanda kuma ya taɓa buɗe `Developer options` ya tabbatar `Disable USB audio routing` a kashe yake.

Gwajin ƙarshe shi ne a soka filash mai bakin USB-C. Shi ma wuta yake ci daga waya, kuma ta haƙoran saƙo yake magana, kamar adafta. Idan waya ta ga filash ta fuska biyun, ramin yana aiki, a koma kan saituna da irin adaftar. Idan an share rami, an duba saituna, adafta mai lafiya ta ƙi, filash ma ya ƙi, to yanzu ne maganar canza wurin caji ta zama gaskiya.

Kafin ka yarda a ɗaga bayan wayarka, ka ce wa mai gyara ya soka tasa adaftar mai DAC da filash a gabanka. Mai gyaran kirki ba zai ƙi ba, gwajin bai kai minti biyar ba.